Yadda Katan Ɗin Ƙusa Ya Kai Naira Miliyan Ɗaya da Dubu Ɗari Takwas

Takardar lissafin kaya, wadda 'yan kasuwa ke kira inbois ko kuma rasit, tana da tsari wanda kusan bai canzawa: kowane layi na ɗauke da sunan kaya, da adadinsa, da farashin guda ɗaya, da jimillar kuɗin layin, sannan a ƙasa a tara layukan, a ɗora haraji, a fitar da abin da za a biya. Idan aka ɗora takardar a kan sikana, abin da ke shiga kwamfuta hoto ne, wato tarin ɗigogi baƙaƙe da farare waɗanda kwamfutar ba ta san cewa rubutu ne ba. Fasahar da ke duba siffar ɗigogin ta mayar da su haruffa da lambobi ita ake kira OCR, kuma fitacciyar manhajarta ta kyauta ita ce Tesseract, wadda aka fara ginawa a kamfanin HP a tsakiyar shekarun 1980, aka saki lambobinta ga jama'a a 2005. Manhajar ba ta san ciniki ba, ba ta taɓa ɗaga buhun siminti ba, kuma ba ta jin kunyar faɗin abin da ba zai yiwu ba, wanda shi ne tushen abin da ya sami akawun wani shagon kayan gini a Kano, mutumin da za a sakaya sunansa saboda kusancinsa da mai wannan rubutu.

Akawun ya gaji da kwafe rasit da hannu kowane ƙarshen wata, don haka ya shawo kan mai shagon aka sayi sikana, bayan ya yi alkawarin cewa aikin kwana uku zai koma na rabin yini. Matakinsa na farko daidai ne, domin ya ɗauki hoton a kan ɗigo 300 a kowane inci, wanda shi ne ma'aunin da aka saba bayarwa ga rubutun ɗab'i, tunda idan aka yi ƙasa da haka sosai ƙananan alamomi irin su waƙafi da aya sukan narke su zama abu guda. Daga nan ya ba da wannan umarni:

```
tesseract rasit.png rasit --psm 6 tsv
```

Sashen `--psm 6` yana gaya wa manhajar ta ɗauki shafin a matsayin dunƙulen rubutu guda, don ta riƙa karanta layi daga hagu zuwa dama, kada ta yanka teburin gida-gida ta raba kaya da farashinsa. Kalmar `tsv` kuma tana sa ta fitar da kowace kalma tare da matsayinta a shafi, da wata lamba mai suna `conf`, daga 0 zuwa 100, wadda ke nuna yadda manhajar ta gamsu da karatunta. Akawun ya tsara cewa duk kalmar da ta gaza maki 80 a kawo masa ya duba da ido, wadda ta haura kuma ta wuce ba tambaya.

Rasit ɗin da aka fara gwaji da shi na da layi huɗu: siminti buhu 150 a kan 9,500.00, kuɗinsa 1,425,000.00, ƙusa katan 12 a kan 18,000.00, kuɗinta 216,000.00, fenti bokiti 17 a kan 32,500.00, kuɗinsa 552,500.00, da rodi mai kaurin milimita 12, guda 40 a kan 11,250.00, kuɗinsa 450,000.00. Jimillarsu 2,643,500.00 ce, kuma da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wanda Najeriya ta koma kansa a Fabrairun 2020, wato 198,262.50, abin biya ya zama naira 2,841,762.50. Takardar da akawun ya miƙa wa mai shagon, da murmushin wanda ya kawo ci gaba, ta ce ana bin su naira 24,241,250.00.

An ruwaito cewa mai shagon ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, sannan ya ɗora yatsa a layi na biyu ya ce: “Malam akawu, wannan ƙusar ta zinare ce, ko da ita za a kafe sama?” Akawun ya amsa da cewa, “Ranka ya daɗe, na'ura ce ta karanta,” amsar da masu nazarin lamarin suka yi ittifaƙin cewa ba ta taimake shi ba.

Binciken da ya biyo baya ya nuna kurakurai uku, kowanne da nasa asali. A farashin ƙusa, ɗigon da ke raba naira da kwabo ya faɗo daidai kan lanƙwasar takardar, manhajar ta karanta `18,00000`, sai ɗan shirin da akawun ya rubuta don share waƙafi daga lambobi ya mayar da shi 1,800,000, wato ninki ɗari na farashin gaskiya. A adadin siminti, an karanta sifilin ƙarshe a matsayin harafi, aka sami `15O`, shirin kuma, wanda aka umarta da ya zubar da duk abin da ba lamba ba, ya zubar da harafin cikin biyayya, buhu 135 suka ɓace ba tare da ɗan dako ya taɓa su ba. A adadin fenti, tawadar firinta ta yi rauni a saman lambar 7, hular ta ɓace, 17 ta zama 11. Irin wannan rikici tsakanin sifili da harafin O, da 1 da 7, da 5 da S, da 8 da B, sananne ne ga duk mai wannan aiki, kuma abin lura shi ne cewa kuskure biyu daga cikin ukun ba su zama ɓarna ba sai da hannun mutum ya shiga gyara.

Ma'aunin gamsuwa bai kama ko ɗaya ba. Manhajar ta ba `15O` maki 83, ta ba `18,00000` maki 88, ta ba 11 maki 96, abin da kawai ta kawo wa akawun ya duba shi ne tarkacen haruffan da ta tsinto daga hatimin da aka buga a gefen takardar. Wannan ba baƙon abu ba ne idan aka fahimci abin da lambar ke aunawa, domin tana auna kamannin siffar da ke hoton da harafin da manhajar ta sani, ba ta auna ko abin da aka karanta ya yi daidai da abin da mai rasit ya nufa. Bakwai ɗin da ta rasa hularta ta yi kama da ɗaya ƙwarai, saboda haka manhajar ta yi rantsuwa a kan gaskiyar abin da ta gani, kamar mai shaidar da ya hango mutum da magariba.

Babban laifin akawun, wanda ya jima bai amsa ba, shi ne cewa ya kori shaidar da ta fi kowace ƙarfi. Da yake yana ganin kwamfuta ta fi kowa iya lissafi, ya tsara shirin ya karanta adadi da farashi kawai, ya ninka su da kansa, ya yi watsi da rukunin jimillar layi da mai rasit ya riga ya buga. Alhali rasit takarda ce mai maimaita kanta: kowane layi ya faɗi magana ɗaya sau biyu, sau ɗaya da adadi da farashi, sau ɗaya da jimilla, kuma da wuya kuskuren karatu ya faɗa wurare biyu ta yadda za su ci gaba da yarda da juna. Da an karanta rukunan uku aka gwada su, da an ga cewa 11 sau 32,500 na ba da 357,500 ne, ba 552,500 da ke rubuce ba, kuma raba 552,500 da 32,500 na fitar da 17 cif, wanda ke nuna gurbin da kuskuren yake da kuma gyaransa. Haka nan raba 1,425,000 da 9,500 na dawo da buhu 150, sannan duk inda ɗaya daga cikin abin da aka ninka da abin da ke rubuce ya zama ninki goma ko ɗari na ɗayan, to ɗigo ne ko sifili ya ɓata. Bayan wannan sai a tara jimillar layuka a gwada da ƙaramar jimilla, a fitar da haraji a gwada da wanda aka buga, tare da yafe bambancin kwabo ɗaya ko biyu da cike lamba ke haifarwa. Lambar da aka tsinci harafi a cikinta kuma, ko wadda tsarin waƙafinta ya saɓa wa rukunin uku-uku da gurbi biyu na kwabo, ba sharewa ake yi ba, tsayar da ita ake yi a kira mutum.

Akawun ya ɗauki rabin darasin. Ya ƙara gwajin jimillar ƙasa, ya bar na layi-layi zuwa wani lokaci, sai mako na gaba yaron shago ya ɗora wani rasit a karkace. Karkatar digiri biyu ba ta ɗaukar ido, amma a tazarar milimita 170 da ke tsakanin sunan kaya da rukunin kuɗi tana sauke rubutu da kusan milimita 6, alhali tsayin layin takardar milimita 5 ne. Da yake shirin na haɗa kalmomi a layi ɗaya bisa tsayinsu a shafi, kowane kuɗi ya zame zuwa layin maƙwabcinsa, kwalbar gam ta gaji kuɗin tankin ruwa, jimillar ƙasa kuma ta fito daidai har kwabo, tunda tarawa ba ruwanta da wanda ya zo gaba. Maganin shi ne a miƙe hoton kafin karatu, ta hanyar auna karkatar layukan teburin a juya shi, sannan a gwada kowane layi shi kaɗai.

Da aka kammala waɗannan gyare-gyare, rasit na farko ya wuce dukkan gwaje-gwaje, akawun kuma ya shigar da shi littafin sito yana mai sanar da cewa matsala ta ƙare. Sai dai lissafi na kare lambobin da ke shiga lissafi ne kawai, ba ya kare sunan kaya, ko lambar rasit, ko kwanan wata, ko ma'aunin da ke cikin bayanin kaya, shi ya sa suna da ma'auni sai an gwada su da jerin kayan da shagon ya san yana saye. Wani ɗan datti a kan gilashin sikana ya ɗora wa 1 hular da aka ƙwace wa 7 a baya, `12mm` ta zama `72mm`, kuma babu wata jimilla da ta motsa. Washegari mai kula da sito, dattijon da ya shekara talatin yana ƙirga rodi, ya zo ofis riƙe da takardar, ya yi sallama, ya gaishe da akawun cikin ladabi, sannan ya ce: “Malam, rodin nan guda arba'in masu kaurin taɓarya, ban gan su a mota ba. In sun iso, gini za a yi da su, ko a kai wa mata su yi daka?”