Saƙon Tes Zuwa Ga Surukina

Da ƙarfe 7 na safe uwargida ta ce da ni, "Baba zai je Zariya ganin likita, ka tura masa tes ka yi masa Allah ya kiyaye hanya." Aikin minti ɗaya. Na ajiye kofin shayi na ɗauki waya.

Na fara da sallama. Nan na tsaya: in ce "ka" ko in ce "ku"? "Ka" ta yi mini kama da raini, kamar ina magana da abokin ƙwallo. "Ku" kuma sai ya zaci har da direba nake gaisarwa. Na goge. Na sake rubutawa. Shayi ya huce, ƙuda ya faɗa ciki, ban ko kula ba.

Wajen ƙarfe 9 na samu jimla: "Allah ya kare ku, ya ƙara lafiya." Sai gumi ya karyo mini. Tsakanin "kare" da "ƙare" fa 'yar lanƙwasa ce kawai a kan baƙi ɗaya. In yatsa ya zame, na roƙi Allah ya ƙare surukina ke nan, mutumin da ya ba ni 'ya bai tsawwala sadaki ba. In kuma ya karanta "kare" da wata murya, na jawo dabba cikin addu'a. Na cire kalmar na sa "tsare". Sai na tuna 'yan sanda ma tsare mutum suke yi.

Ga kuma wata sabuwa. Tes ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar ka sa ƙ ko ɗ ko ɓ, sai ya koma 70, saƙon ya rabu gida-gida, kowane da kuɗinsa. Ba kuɗin ne ya dame ni ba. Wayar Baba irin ƙaramar nan ce mai tocila, kuma na taɓa ganin irinta tana mayar da ƙ ɗan akwati. Wato zai ga akwati a gaban "ara lafiya". Akwati, ga mai zuwa asibiti! In kuwa na bar ƙ ɗin na rubuta "kara", na yi masa addu'a da karan dawa.

Azahar ta yi, na yi salla, ban san raka'a nawa na kawo ba, sai da na yi ƙabli. Uwargida ta leƙo. "Malam, har yanzu?" Na ce ina tacewa ne. Ta ce ai Baba tuni ya ga likita, yana hanyar dawowa.

Bayan la'asar na rufe ido na tura: "Baba sannu da hanya." Babu lanƙwasa ko ɗaya. Na kifa wayar a kan tabarma, gabana yana dukan uku-uku, har ta yi ƙara.

Na buɗe. Baba ya rubuto: "Waye"