Jinjina Ga Gwanin Da Bai Taɓa Zargin Kowa Ba

A ma'aikatarmu akwai wani bawan Allah, ma'aikaci mai mataki na 12, wanda ya cancanci a buga masa tambari. Gwanin alƙalami, zuma a baki reza a aljihu, mai yanka ba jini, ruwan sanyi mai dafa ƙwai! Shekara tara muna ofis ɗaya, ban taɓa jin ya zargi kowa ba. Shi da kansa yake faɗa, kuma yakan faɗa a farkon kowace takardar da ya aika sama.

Bari in ba da labarin man janareta, domin a nan ne baiwarsa ta cika ta tumbatsa.

Ɗan kwangila ya kawo mana dizal lita 3,000 a watan Janairu. Ranar 3 ga Fabrairu aka aika baucar biyansa ofishin akanta, ranar 24 ta zo ba a biya ba. Mutumin ya ce ba zai ƙara kawo ko ɗigo ba sai ya ga kuɗinsa. A tanki saura lita 1,200, janareta kuma yana shan 200 a rana, wato kwana shida ya rage mu koma fifita da bangon fayil. Mataimakin Darakta, ogan gogan namu, ba shi da ikon sayen mai daga wani wuri. Wannan hurumin Darakta ne. Magana dai ta isa a kai ta sama, ba mai musu.

Ƙaramin mutum da sai ya tashi ya taka zuwa ofishin akanta, taku ashirin, ya ce, "Hajiya, me ya riƙe baucar nan?" Gogan bai ƙasƙantar da kansa haka ba. Tambaya tana jawo amsa, amsa kuwa takan lalata takarda mai daɗi. Da ya je, da ya ga abin da Hajiya ta rubuta a shafi na 7 na fayil tun ranar 5 ga wata: takardar shaidar biyan harajin ɗan kwangilar ta bara ce, a sa shi ya kawo ta bana. Da ya kuma gano cewa fayil ɗin ya dawo sashenmu tun ranar, yana kwance ƙarƙashin jaridu a kan wani tebur da ladabi ya hana ni faɗin mai shi. Allah ya kare shi daga wannan ilimi.

Sai ya zauna ya rubuta wa Darakta, mai mataki na 17, kai tsaye. Ƙa'idar aiki ta ce takarda ta bi ta hannun na sama da kai kafin ta haura, amma ƙa'ida don masu rarrafe aka yi ta, shaho ba ya bin matakala. Bai manta da ogan nasa ba, haba! Ya sa shi a `CC`, tare da shugaban binciken kuɗi, da shugaban sashen ma'aikata, da wasu mutum tara, don kada albarkar ta tsaya wuri ɗaya. Mataimakin Darakta ya sami labarin matsalar sashensa a minti ɗaya da mai gidansa, abin da ya rage masa wahalar shirya amsa. Hajiya kuwa, saboda tausayi, ba a sa ta ko'ina ba.

Ga buɗewar takardar, wadda ya kamata a rubuta da ruwan zinariya: "Ranka ya daɗe, Allah ya gani ba don in ɓata kowa ba ne." Ka ji tsarkin zuciya. Daga wannan jimla Darakta ya san akwai wanda za a ɓata, sai ya gyara zama.

Sannan gwanin ya ɗauko makamin da Hausa ta tanadar wa masu kunya, wato "an". An riƙe bauca. An yi shiru. An saba yin haka. Ba suna, ba lamba. Sai dai ya ƙara, don Darakta kada ya ɓata a hanya, cewa an riƙe ta ne "a wani tebur da ke kusa da taga a ofishin kuɗi". Taga ɗaya ce a ofishin, tebur ɗaya ne a gindinta. Ya kuma roƙa a yi wa mai teburin uzuri, "kasancewar hidimar gida ta yi mata yawa tun da ta dawo daga hutun haihuwa". Wa ya taɓa ganin jinƙai irin wannan? Ya ba ta uzuri a kan laifin da ba ta yi ba, ya kuma sanar da mutum goma sha uku cewa ba ta iya aikinta, duk a numfashi ɗaya.

Shafi biyu cur ya cika. A ciki babu lita 1,200, babu kwana shida, babu ranar da bauca ta fita. Lissafi aikin 'yan tireda ne. Mafi burgewa, bai nemi Darakta ya yanke komai ba. Ya rufe da cewa ya kawo maganar ne "don a sani kawai". Babban mutum da aka kawo wa matsala ba tare da buƙata ba, abu ɗaya ya rage masa: ya nemi mai laifi. Gogan ya riga ya share masa hanya har bakin taga.

Don a gane girman wannan fasaha, sai a dubi wani dattijo da muke da shi a sito, mutum marar dabara. Bara irin wannan ta same shi a kan takardun buga aiki. Abin tausayi, sai da ya fara zuwa wurin akanta ya ji dalili. Ya dawo ya ce wa ogansa, "Yallaɓai, wannan ta fi ƙarfinmu ni da kai, ka yarda mu kai wa Darakta?" Ya rubuta layi biyar ƙwal: ga abin da ya rage a sito, ga ranar da zai ƙare, ga takardar da ake jira daga ɗan kwangila, ga abin da muka gwada, muna roƙon izinin sayen na mako biyu daga wani mai rajista kafin Alhamis. Sunan akanta ya fito sau ɗaya, a inda ya ce ita ta gano giɓin. Har ya nuna mata takardar kafin ta tafi, wai ko akwai abin da ya faɗa ba daidai ba! Darakta ya sa hannu a yinin, magana ta mutu murus. Ba taro, ba kuka, ba wanda ya san sunan dattijon a hawa na uku. Asarar dama ke nan.

Takardar gwanin kuwa ta yi albarka. An ba Hajiya takardar tuhuma, ta amsa cikin awa 24, ta liƙa hoton shafi na 7. An kira taro na awa uku, inda aka binciko tarihin kowa ban da na tankin mai. Mataimakin Darakta ya daina amsa gaisuwa da baki, sai da gira. Hajiya ta koyi darasi mai amfani: yanzu ko biro ka je aro ofishinta, sai ka rubuto, a buga hatimi, a shigar a rajista. Baucar da a da takan fita a kwana biyu don mutunci, yau tana cika kwanakinta na ƙa'ida ɗaya bayan ɗaya.

Ranar 2 ga Maris, da misalin sha ɗaya na safe, janareta ya yi tari biyu ya yi shiru. Gogan ya fito baranda yana fifita da wani fayil mai ƙurar jarida a bayansa, ya dube mu cikin tawali'u ya ce ai shi ya faɗa tun da wuri, amma ba ya son ya kama sunan kowa.