Alhaji, lambar kwali ba ta hana santsi

Na ji ku, Alhaji. Kun ce takalmi takalmi ne, kun ci hunturun Kano da silifas, don haka yaron da zai tafi karatu Winnipeg a saya masa sau-ciki mai kauri a Ƙofar Wambai, magana ta ƙare. Allah Ya ja da ranku, amma a can watan Janairu sanyi kan wuce digiri 30 ƙasa da sifili, kuma titi kan daskare ya koma ƙanƙara sumul.

To ga shi ya shiga kanti a can, ya ga kwali an rubuta "-40°C", har ya kira gida da murna. Kada a yi guɗa tukuna. Kamfani ne ya auna wa kansa wannan lambar, kuma da mai tafiya ya yi lissafi, wanda jininsa ke gudu. Shi kuwa yaronku tsayuwar jiran bas zai yi. Gara ya duba nauyin abin ɗumin da aka shimfiɗa a ciki, irin su Thinsulate: "200g" na nufin giram 200 a kowane murabba'in mita. Wannan ya ishi mai kai-komo, mai tsayuwa kuma ya nemi 400g.

Kun ce ai ƙasan takalmin yana da manyan haƙora kamar tayar tarakta. Haƙoran nan dusar ƙanƙara suke cizo, mai laushi. A kan daskararriya mai sheƙi ba su da abin kamawa, balle idan robar ta sandare da sanyi. A 2016 masu bincike a cibiyar Toronto Rehabilitation Institute sun sa mutane tafiya da takalma iri 98 a kan daɓen ƙanƙara da ake karkatawa. Iri 8 kacal suka iya hawa da sauka a gangaren digiri 7, sauran duk suka kwashe. Waɗanda suka tsira suna da ƙasa irin Green Diamond ko Vibram Arctic Grip, robar da aka cusa wa ƙananan abubuwa masu kaushi. Yaron ya shafa da yatsa, zai ji kaushin.

Hajiya kuma na ji ta ce a ɗora safa uku. Haba Hajiya, ƙafa ce fa! In takalmi ya matse, jini ba ya zagayawa, iskar da ke riƙe ɗumi ta rasa wurin zama, yatsu su fi yin sanyi. Safa ɗaya ta ulu mai kauri ta isa, ta auduga kuwa zufa take sha ta jiƙe. Yaron ya je gwaji da yamma sanye da safar, lokacin ƙafa ta ɗan kumbura. Ya tura ƙafar gaba kafin ya ɗaure igiya: yatsan hannu ɗaya ya shiga bayan dunduniya. Mai sa 42 sau da yawa a 43 yake ƙarewa. In ya ɗaure ya taka dunduniya na ɗagawa, ya yi yawa, ya mayar musu da kayansu.