Yadda Za Ki Tsara Dutin Mako Ba Tare Da Lakca Ta Sace Miki Ma'aikata Ba

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, Kalgo, inda jami'ar take, ta samu baƙi masu yunwa da hanzari, kuma daga cikinsu ne masu gidajen abinci kan ɗauki masu taya su aiki. Ɗalibi ma'aikaci ne mai daɗin sha'ani. Yana da saurin lissafin canji, ya iya karɓar taransifa, ga fara'a. Matsalarsa ɗaya ce: yana da wani maigida da ya fi ki iko, wato malamin da kan tashi da safe ya ce yau ƙarfe goma sha biyu akwai tes. Don haka, Hajiya, ɗauko fensir da magogi. Biro ba na wannan aikin ba ne.

Kada ki fara da sunayen yara. Fara da ƙidayar guraben da kike son cikewa. Mu ɗauka gidan abincinki yana da mai girki da mai karɓar kuɗi na dindindin, sai masu kai abinci da wanke kwanuka ne ɗalibai. Kin raba yini gida uku, kowane duti awa 4: na safe daga 7 zuwa 11, na rana daga 12 zuwa 4, na yamma daga 6 zuwa 10. Da safe mutum ɗaya ya isa, tunda masa da shayi ne. Da rana, lokacin da ake yi wa shinkafa da wake rubdugu, sai mutum biyu. Da yamma ma biyu, saboda masu tuwo. Gurbi 5 ke nan a yini, 35 a mako.

Yanzu ƙirga yaranki. A ce su shida ne. Ɗalibin da kike so ya ci jarabawa, ya kuma dawo aiki zango mai zuwa, kada ya wuce duti 4 a mako, wato awa 16. Shida sau huɗu, 24. Kina da ramuka 35 da murafe 24, kuma duk iya tsawarki ba za ta haifo sauran 11 ba. A nan ne masu gidan abinci da yawa kan zargi yara da lalaci, alhali lissafi ne bai cika ba. Ki cire dutin safe gaba ɗaya daga hannun ɗalibai, domin lakcar ƙarfe takwas ba ta san masa ba. Ki ba wani ɗan gari wanda ba ya karatu. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ba kowane ma'aikaci hutun yini guda a cikin bakwai, saboda haka shi zai yi safiya shida, ke ko wani na gida ya riƙe ta bakwai. Saura gurbi 28. Ɗauki ɗalibi na bakwai, bakwai sau huɗu ya ba ki 28 cif.

Sai karɓar jadawalin lakca. Kada ki tambayi ɗalibi, "Yaushe kake da lokaci?" Wanda yake neman aiki zai ce miki kullum, har da tsakar dare. Ki ce kowa ya kawo hoton jadawalin sashensa, ki sa alamar ja a kan duk awannin da yake aji, ki ƙara masa rabin awa gaba da baya na neman kabu-kabu da tafiya. Wanda lakcarsa ke ƙarewa 12 ba zai tsaya gaban teburinki 12 ba, sai dai in fiffike gare shi. Ki kuma lura da sassansu. Idan kika ɗauki abokai uku 'yan aji ɗaya, a wajen jadawali mutum ɗaya kika ɗauka, domin tes guda zai kwashe su tare. Shi ya sa ranar ɗaukar sabon yaro, bayan kin ji sunansa da garinsu, tambaya ta gaba ita ce sashensa da ajinsa.

A cikin bakwai ɗin ba za a rasa ɗan Gwandu ba, wanda kowace Juma'a jakarsa ke bakin ƙofa, zai je ya ga tsohuwa. Zai ce miki, "Mama, wallahi Lahadi da la'asar ina nan." Da zuciya ɗaya yake faɗa, amma motar tasha ba ta tashi sai ta cika. Ki bar masa zumuncinsa. Ba shi dutin yamma daga Litinin zuwa Alhamis, huɗunsa sun cika. Daga Juma'a zuwa Lahadi akwai gurbi 12, sauran shidan kowa ya ɗauki biyu. Daga Litinin zuwa Alhamis akwai 16, ɗan Gwandu ya cinye 4, saura 12, nan ma kowa biyu. Babu mai cewa an fi son wani.

Wajen cikewa, ki fara da gurbi mafi wuya. Dutin rana na Litinin zuwa Alhamis, su takwas, su ne ke karo da lakca, su za ki fara nema wa masu sarari. Sai ranar Juma'a, wadda maza za su tafi masallaci a tsakiyar dutin rana, su dawo tare da jama'ar da ke neman abinci a lokaci guda. Nan ki sa 'yan mata, ko ɗalibi Kirista wanda za ki rama masa da barin Lahadinsa har yamma. 'Yan matan da suka riƙe miki rana, ki sauƙaƙa musu tashin ƙarfe goman dare, musamman mai komawa masauki mai nisa. Kada kuma ki haɗa sababbi biyu a duti ɗaya. Za su yi ta kallon juna cikin ladabi, miyar kuka tana hucewa.

Ki kafe jadawalin ranar Alhamis a bangon kicin, ki tura hotonsa ta WhatsApp, don kowa ya samu kwana uku na kawo kuka kafin Litinin. Musayar duti halas ce, da sharaɗi guda: wanda zai karɓa shi zai faɗa miki da bakinsa, ki goge suna ki rubuta nasa. "Na gaya wa wane" ba ta taɓa wanke kwano ba. Kowace rana kuma ki rubuta sunan ɗan jiran gado ɗaya a gefe, wanda ba ya aji a lokacin, ki biya shi ɗan ƙari idan kika kira shi.

Jadawali kan nuna ciwonsa. Idan wuri ɗaya magogi yake ci kowane mako har takarda ta huje, wannan gurbin ba na ɗalibi ba ne, nemo ɗan gari. Idan suna ɗaya ne ke toshe kowace kafa, wannan yaron mai kunya ne da ba ya iya cewa a'a, kuma sakamakonsa ne zai biya bashin.

Lokacin jarabawa ki rage wa kowa zuwa duti biyu. Hakan zai bar gurbi 14 a buɗe, don haka tun mako biyu kafin nan ki yi magana da 'yan gari biyu ko uku, ko ki rage kalar abinci. Azumi kuwa sabon jadawali yake so, domin dutin rana zai koma shirin buɗa-baki.

Hajiya, yaran nan amanar iyayensu ne a hannunki. In duti ya yi karo da tes, ki saki yaro ya je ya rubuta, ki kira na gefe.