Mu da arba'in ɗin Bature

A majalisar unguwarmu, idan lissafin baki ne, ba a barinmu a baya. Amma a miƙa mana rasit ko caki a ce mu rubuta kuɗin da kalmomin Turanci, nan take sai kowa ya ce bironsa ba ya ci.

Ranar da Ma'ajin ƙungiyarmu ya kawo rasit ɗin kuɗin gyaran kwalbati, naira 142,500, Malam mai koyar da Turanci ya karɓa ya duba, sai ya yi murmushi. "Ma'aji, wa ya gayyato wannan u ɗin cikin forty?"

Ma'aji ya ce, "Haba Malam! Ba daga four ta fito ba?"

"Daga can ta fito, amma ta bar u a gida. Four da fourteen da fourth duk suna da shi, forty kuwa babu."

Abin da ke kayar da mu ke nan: kunne ba ya jin bambanci, hannu kuma ya saba da four tun firamare, sai ya zarce da fourty. Malam ya ce su ma Turawan dā sun yi ta rubuta ta da u kafin su tsaya a kan forty. Alhaji mai shago ya ce to ashe mu ne muka riƙe musu al'ada. Aka kwashe da dariya.

Sai aka zo kan karan ɗori, wanda mukan watsa shi duk inda muka ga fili, ko mu ƙi sa shi gaba ɗaya. Malam ya ce wurinsa ɗaya ne, tsakanin gomiya da ɗan abin da ya hau kanta, daga twenty-one zuwa ninety-nine. Thirty ko fifty da ke tsaye su kaɗai ba sa bukatarsa, haka hundred da thousand. Ya juya bayan takardar ya rubuta: One hundred and forty-two thousand, five hundred naira only. Karan ɗori guda ne tak a layin, tsakanin forty da two. Ya kuma soke s ɗin da Ma'aji ya liƙa wa thousand, domin idan adadi ya gabace ta ba ta ɗaukar jam'i.

Wani yaro ya ce, "Baba, ai ga lambobin nan a gefe, kowa zai gane." Malam ya ce a rasit ɗin unguwa za a gane, amma a caki, idan lambobi da kalmomi suka saɓa, kalmomin doka ke bi, kuma sau da yawa banki dawo maka da shi zai yi. Only ɗin ƙarshe ma tana da aikinta: toshe layin take yi, kada wani ya ƙara abin da ba ka rubuta ba.

Ma'aji dai ya yage rasit ɗin ya sake sabo, kuma shi ya biya shayin Malam.