Ni Ne Ɗalibi, Ni Ne Mai Duba Takarda

Ina da wani ciwo da ban taɓa kai wa likita ba: duk jarrabawar da na yi wa kaina sai na ci ta. Shekara uku ina koyon Fulatanci a Gombe, garin da za ka ji shi a kasuwa da tasha da zauren surukaina, kuma duk ƙarshen wata sai in zauna in auna kaina, in tashi da sakamako mai faranta rai. An ba kura ajiyar nama.

Ma'aunin da na ɗauko shi ne CEFR, wanda Majalisar Ƙasashen Turai ta fitar a 2001. Matakai shida ne, daga A1 zuwa C2, kuma kowane mataki bayani ne na abin da mutum zai iya yi da harshe, ba yawan kalmomin da ya haddace ba. Mai A1 zai gabatar da kansa, ya amsa ƙananan tambayoyi idan an yi masa magana a hankali. Mai A2 zai yi ciniki da sauran hidimar yau da kullum. Mai B1 zai ba da labarin abin da ya same shi, har ya kawo dalili. Na karanta, na gyaɗa kai, na naɗa wa kaina rawanin B1. Hujjata? Ai ina ganewa idan ana hira.

Rawanin ya warware ranar wani suna a Jekadafari. Na gaishe da goggon matata da Fulatanci tiryan-tiryan, har da sunkuyar da kai. Ta ji daɗi, ta tambaye ni yadda tafiyata ta Dukku ta kasance. Na buɗe baki, babu abin da ya fito sai "jam". Ta sake tambaya, na sake cewa "jam". Ta dube ni da tausayi ta ce, "Ɗana, ka iya sallama, amma har yau ba ka shigo gida ba."

Da na koma gida sai na binciki maguɗina, na same shi kashi biyu. Na farko, ina gwada kaina da ganewa alhali matakin yana tambayar faɗa. In na ga "rewɓe" a takarda na san mata ne, amma ka ba ni "debbo" ka ce in kawo jam'insa, sai in yi tsuru-tsuru, domin a Fulatanci har harafin farko canzawa yake: Pullo ya zama Fulɓe, gorko ya zama worɓe. Na biyu, kullum da kalmomi ashirin ɗin da na saba nake gwaji. Ba harshe nake aunawa ba, haddar takardata nake aunawa.

Sai na sake tsari. Na kunna rikoda a waya, na ba da labarin jiya na minti biyu ba tare da shiri ba. Na ƙirga abu biyu: sau nawa na yi shiru mai tsawo, da kalmomin Hausa nawa na cusa. Shiru 11, Hausa 14. Matata ta zaɓo sunaye ashirin da kanta, na kawo jam'in 6. Sannan ta kunna min labaran rediyo na minti uku da ban taɓa ji ba, na faɗi abin da na fahimta, ita ta yanke hukunci. Na gane cewa gwamna ya je wani wuri. Ko ina ne, Allah masani.

Bayan mako takwas muka maimaita: tsawon lokaci ɗaya, irin aiki ɗaya, amma sababbin kalmomi da sabon labari. Shiru ya sauko zuwa 7, Hausa zuwa 9, jam'i ya hau 13. Labaran rediyo kuwa suna nan inda na bar su, domin duk makonnin nan ban saurari kowa ba sai kaina. Ashe mutum ba ya zama a mataki ɗaya gaba ɗaya: bakina ya kama hanyar A2, kunnena ga mai saurin magana yana A1. Gwajin ma yana da iyaka, don ranar da na gaji shirun yakan ƙaru, saboda haka sakamako ɗaya ba hukunci ba ne.

Kada a ɗauka na warke. Jiya da nake sauraren rikodin, na kama kaina ina cewa wani dogon shiru ai numfashi ne, ba mantuwa ba. Matata ta karɓe biron daga hannuna, ta rubuta 8 a inda na sa 7.