Yadda Ake Jawo Mai Kallo Ba Tare da Ya Tsine Maka Ba

Mu ɗauka ka yi bidiyon minti 6 a kan wayar da ta ƙi yin caji. Ka nuna yadda ake kashe ta, a sa tsinken sakace a zaƙulo dattin da ya toshe ramin caji a hankali. Yanzu saura take da hoton bango.

Idan tsinuwa kake nema, hanyar a buɗe take. Rubuta "Innalillahi! Asirin masu gyaran waya ya tonu!" Sai ka sa hotonka ka wangale baki, hannu biyu a ka, ga jar kibiya tana nuna inda babu komai. Za a danna, wallahi. Amma YouTube Studio yana nuna maka yawan waɗanda suka rage bayan daƙiƙa 30 na farko, kuma a nan za ka ga layin ya gangaro kamar guga ya tsinke a rijiya. Mutane sun zo kallon tonon silili, sun tarar da kai da tsinke. Dannawa ta yi yawa, zama ya yi kaɗan: alamar ke nan cewa hoto ya yi alkawarin da bidiyo bai cika ba, kuma YouTube ba ya ɗokin tallata abin da ake gudu.

To, gwada wannan: "Wayarka ta ƙi caji? Duba ramin nan kafin ka je wurin mai gyara." An ba ka gurbin haruffa 100, amma a waya sau da yawa ana datse wutsiyar take, don haka sa ciwon a gaba, ka bar gaisuwa da kirarin tasharka. Kada kuma ka ƙara "kowace waya", domin wanda batirinsa ya mutu zai sakace ramin har magariba, sannan ya zo nemanka.

Hoton kuwa, daga cikin bidiyon za ka ciro shi: ramin caji kusa-kusa, da tsinke ɗauke da ƙullin dattin. Ƙazanta ce, na sani, amma ita ce jarumar fim ɗin, ba fuskarka ba. Girmansa 1280 da 720. Rubutu kalma uku ya isa, "Datti ne kawai?", kuma kada ya maimaita taken. Alamar tambayar nan ka riƙe ta da kyau, ita ce ke raba ka da maƙaryata. Kusurwar ƙasa ta dama ka bar ta fili, nan YouTube ke liƙa tsawon bidiyo. Kafin ka ɗora, ƙanƙance hoton ya koma kamar babban yatsa. In sai ka kanne ido kake karantawa, sake.

In zuciya ta rabu tsakanin tsinke da wangale baki, akwai Test & Compare: ka ɗora hoto har uku, a zaɓi gwani bisa lokacin da aka ɓata ana kallo, ba yawan dannawa ba. Sa bakin naka a ciki, malam, ka ga ko zai kai labari.